Tambayar Malamin da Ya Yi Kwana Goma Bai Zo Aiki Ba
(Jawabin da aka gabatar a taron malamai a Kusugu, Daura)

 

Tun shekarar 2017, da aka ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji a Jihar Kaduna, muka san cewa zamani ya juya. Nan Katsina ma, a 2023 sai da aka zauna jarrabawa kafin a ɗauki sababbin malamai. Wanda yake neman ƙarin girma ko shugabancin makaranta, to ya shirya wa alƙalami, ya kuma shirya wa zama gaban kwamiti. Ni tambaya ɗaya tak zan ɗauka mu warware, domin ita ta taɓa kayar da ni.

An ce mini: “Kai ne hedimasta. Wani malami ya yi kwana goma bai zo ba, bai kuma nemi izini ba. Me za ka yi?” Na gyara zama na ce zan je gidansa in yi masa nasiha, in ya ƙi ji in tsayar da albashinsa. Shugaban kwamitin ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Malam, wa ya ba ka wannan iko?” Nan na san na yi ɓarin makina.

Kuskuren kashi biyu ne. Nasiha halin kirki ce, amma ba ta barin shaida a fayil. Tsayar da albashi kuwa ba hurumin hedimasta ba ne. Abin da masu kwamiti suke son ji shi ne matakai a jere, da sanin inda ikonka ya tsaya. Farko ka ja layi a rajistar zuwa aiki kowace rana, ka raba darussansa kada aji ya zauna haka nan. Sannan ka bincika, don wataƙila yana kwance a asibiti. In babu uzuri, ka ba shi takardar tuhuma wadda ta faɗi laifin da ranakunsa da wa'adin amsawa, ya sa hannu cewa ya karɓa. Daga nan ka haɗa tuhumar da amsarsa da ra'ayinka ka aika wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai gaba zuwa Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha. Hukunci nasu ne. A dokokin aikin gwamnati, ƙin zuwa aiki ba izini yana cikin manyan laifuffuka da kan kai ga kora, shi ya sa ba a yarda a hukunta mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Idan tambayar ta zo a rubuce, dubi makin da aka sa mata tukuna. A ce minti 60 aka bayar, maki 100, ita kuma tana da 20: rabonta minti 12 ke nan, har da karantawa. Mai duba takarda yana da jerin abubuwan da yake nema, kowane da makinsa. Matakai biyar a gajerun jimloli sun fi shafi biyu a kan darajar malami. Mu da muke duba takardun 'yan aji shida mun san yadda dogon surutu yake gajiyar da ido, amma da mun zauna kan benci sai mu manta.

A gaban kwamiti kuwa, amsar farko buɗe ƙofa ce kawai, ta biyu ce take tona mai hadda. Za a ce: “In ya ƙi karɓar takardar fa?” Amsa: ka miƙa ta a gaban shaida, ka rubuta cewa ya ƙi, ka sanar da ofis. Ko a ce: “In ɗan wanka ne fa?” A Daura wannan ba wasa ba ne, kusan kowa dangin kowa ne. Ka ce matakan ba su sauyawa, kuma za ka bayyana dangantakar ga na sama da kai. Abin da ba ka sani ba, ka ce za ka duba littafin doka. An fi yafe wannan a kan ka ƙirƙiro sashen da babu shi.

Saboda haka ina ba da shawara mu riƙa haɗuwa uku-uku ran Asabar: ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa cikin minti biyu, na uku ya ƙirga matakan da aka tsallake. A amsa da harshen da za a yi intabiyu da shi, da murya a sarari. Kafin ranar kuma kowa ya haddace ranar da aka ɗauke shi aiki, da ranar tabbatarwa, da ta ƙarin girmansa na ƙarshe, ya gwada su da abin da ke cikin takardunsa na asali, domin sau da yawa da su ake fara tambaya.