Idan aka fara magana a kanka a biro



Biro a Tanut ko Belbeji ba irin na Yamai ba ne. Ku shida ne ko bakwai, kuma wanda kuke tebur ɗaya da shi, da shi za ku yi sahu a masallaci, wataƙila ma ya san gidan da kake neman aure. Abin da aka faɗa da hantsi, kafin isha'i ya kai fada, ana shan shayi da shi.

Mu ɗauka kai ke riƙe da kuɗin bankin cimaka na wata ƙungiyar manoma. An sayar da buhu 40 na hatsi, kowane jika 13, wato jika 520. A watan nan sai ka sayi babur. Shi ke nan, an ce da kuɗin hatsi ne.

Fara da wanda ya kawo maka labarin. Tambaye shi: da kunnenka ka ji? Za ka maimaita a gabansa? In ya ce "a'a, kar ka ce ni na faɗa maka", to ka rage abin da kake gaya masa, don mai kawowa shi ne mai kaiwa.

Sannan ka duba me maganar ta taɓa. In cewa aka yi kana da girman kai, bar su, za su gaji. Amma wannan amana ta taɓa, kuma shiru a nan cutar da kai zai yi. Kar ka kwana biyu. Je wurin shugaba kai kaɗai, da littafin kuɗi da takardun shaidar biya, ka roƙa a ƙirga kuɗi da buhunan da suka rage gaban mutum biyu, a rubuta kwanan wata, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. In bashi ka ci ka sayi babur ɗin, faɗa masa. Ba dole ne kowa ya sani ba, amma shi ya sani.

Wani zai ce ai mai gaskiya ba ya bayani. To, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi, ya fito raka matarsa Safiyya da dare, Ansar biyu suka wuce da sauri, sai ya tsayar da su ya shaida musu ko wace ce. Bai jira zato ya zauna ba.

Abin da ke ɓata lamari shi ne habaici a WhatsApp. Wanda bai ji ba yanzu ya ji, kuma ka bar rubutu. Tun 2019 Nijar na da dokar laifukan intanet da ta haɗa da ɓata suna.

In ka tabbatar da wanda ya fara, same shi ku biyu, bayan an gama ƙirgar, takardar tana aljihunka. In ya girme ka, tafi da dattijon da yake jin nauyinsa.