Zagayen Gas a Firizar Mai Ƙanƙara: Matsi da Zafi Daga Mataki Zuwa Mataki



Daga nan Bana har Gaya, har Kamba da Malanville, kukan masu firiza a watan Afrilu ɗaya ne: inji na ta aiki, ruwa ya ƙi daskarewa. Sai a ce gas ya ƙare. Sau da yawa kuwa gas yana nan daram, kuma za mu ga dalili idan muka bi shi cikin bututu.

Firiza kwashe zafi take yi daga ciki ta zubar waje, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan gumin jikinta yana bushewa. Abin da ke hukunta komai shi ne matsi: idan ya sauka, gas na tafasa da sanyi, idan ya hau, sai da zafi. Mu ɗauki firiza mai gas R134a, a ɗaki mai zafin digiri 42. Matsin da zan ambata cikakke ne. Agogon mai gyara zai nuna ƙasa da shi da bar 1.

Mu fara da bututun sanyi da ke binne a bangon firiza. Gas na shiga nan a ruwa-ruwa, matsinsa wajen bar 1.3, kuma a wannan matsi yana tafasa a digiri 20 ƙasa da sifili. Ledar ruwan da aka ajiye ta fi shi ɗumi, don haka zafinta ke tafasa shi. Duk tsawon bututun, matsi da sanyi kusan ba sa motsi, ruwa ne kawai ke komawa tururi. Sai ɗigon ƙarshe ya tafasa sannan tururin ya ɗan ɗumama, kuma ana son haka, domin inji ba ya iya matse ruwa.

Kwamfuresa, wato baƙin tulun da ke ƙasa, ya zuƙi tururin ya matse shi daga bar 1.3 zuwa kusan 15. Zafinsa ya haura digiri 80. Kada wanda ya gwada bututun fita da yatsa.

Daga nan sai kwandensa, ragar baya, ko bututun da aka ɓoye a jikin ƙarfen firiza. Matsi na nan a bar 15. Da farko tururin ya huce zuwa digiri 55, sannan ya tsaya a nan yana komawa ruwa, yana sakin zafi ga iskar ɗaki. A nan bazara ke yin ɓarna. Zafi ba ya fita sai bututu ya fi ɗaki zafi. Da hunturu, ɗaki na digiri 25, gas na komawa ruwa a digiri 40, matsi bar 10 ya isa: inji na ninka matsi kusan sau 8. Da bazara sai ya ninka sau 11, ya ja wuta da yawa, gas ɗin da yake turawa kuma ya ragu. Idan aka jingina firiza da bango a shagon kwano, ƙura ta rufe raga, aka kuma shimfiɗa mata buhu wai don kada sanyi ya gudu, matsin sai ya ƙara hawa, har injin ya riƙa kashe kansa yana ƙas.

Mataki na ƙarshe shi ne siririn bututun tagulla, kafilari, wanda raminsa bai kai milimita 1 ba. Ruwan gas ya kutsa ciki, matsi ya faɗi daga 15 zuwa 1.3, zafi ya faɗi zuwa 20 ƙasa da sifili. Amma faɗuwar ba kyauta ba ce: wani kaso na ruwan ne ke tafasa don ya sanyaya sauran. Idan ya shiga yana digiri 55, kusan rabinsa ya zama tururi kafin ya taɓa ledar kowa. Shi ya sa masu ƙira ke manna kafilari da bututun dawowa mai sanyi.

To, ta yaya za a bambance zubewar gas da matsalar zafi? Idan gas ya zube, kwandensa ɗumi-ɗumi ne kawai, raɓar ƙanƙara na tsayawa a farkon bututun sanyi, kuma sau da yawa akwai alamar mai a wurin da ya fashe. Idan kuwa zafi ne ya rasa mafita, kwandensa na ƙuna daga sama har ƙasa. Ƙara gas a wannan hali ƙara matsi ne, kuma inji ne zai biya. A janye firiza daga bango kamar taƙi ɗaya, a share raga, a buɗe taga, a jira ta kwana tana aiki kafin a nemi mai gas. In ya zo, ya fara karanta takardar da ke jikin kwamfuresa, domin sababbin firiza da yawa R600a suke sha, wanda ke kama wuta, kuma lissafin matsinsa dabam ne.