Mai naƙasa da neman aiki: yaushe zai faɗi lalurarsa?



Maganarmu ta yau ta shafi ƴan'uwanmu masu naƙasa da ke zuwa Maraɗi neman aiki. Da yawansu suna tambaya: "In faɗi lalurata tun farko, ko in yi shiru?"

Da farko ku san dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012. Ta hana mai ɗaukar ma'aikata ya ƙi mutum saboda naƙasa ko ciwon sikila. Ta kuma ce a ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben da za a cika. Ke nan in za a ɗauki mutum 20, gurbi 1 nasu ne. Wanda bai faɗi lalurarsa ba, ba za a lissafa shi a wannan kaso ba.

In lalurar a fili take, kamar gurgunta ko makanta, a rubuta ta cikin takardar neman aiki. Kada a bari sai ranar jarrabawa, domin mai keke yana iya tarar da an shirya ta a bene.

In kuwa ba a ganinta, kamar sikila, mutum yana iya fara nuna gwanintarsa, sannan ya faɗa kafin ya sa hannu a takardar aiki. Amma mai farfaɗiya da za a ba aikin inji ko hawa sama, ya faɗa tun ranar farko, gama rai ya fi albashi.

Wajen neman gyara, a faɗi abu uku: aikin da ka iya, abin da ke tare ka, da gyaran da kake so. Misali, a ce saurayi mai shan inna daga Jiratawa yana neman aikin lissafin kaya a sito. Sai ya ce: "Ranka ya daɗe, na iya rubutu da lissafi. Matakalar ƙofa ce kekena ba ya hawa. In aka ɗora katako mai gangara, aka ba ni teburin da keke ke shiga ƙarƙashinsa, zan yi aikin duka." Kun ga bai ce a taimake shi don Allah ba. Ya faɗi gyaran da kafinta zai gama a wuni guda.

Ya tafi da takardar likita. In an yarda da gyaran, a rubuta shi, ya ajiye tasa takardar, saboda maigida yana iya sakewa, alkawarin baka ya bi shi. Alamar matsala ita ce a yi ta ce maka "dawo gobe" bayan ka faɗi lalurarka. In ka ga an ƙi ka don naƙasa, kai kuka ofishin sufetan aiki a Maraɗi.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu sa'a.