Huce Haushi a Takarda Daban, Waiwaye Daban

Yau maganarmu a kan ɓacin rai ce, da yadda mutum zai yi amfani da alƙalami da takarda ya sami sauƙinsa.

A zamanin nan mutane da yawa suna da ɗan littafi wanda suke rubuta abin da ya same su kowace rana, watau abin da 'yan boko ke kira dayari. Wasu da boko suke rubutawa, wasu da ajami. Sau da yawa akan tambaye ni a ɗakin magani, shin rubuta damuwa yana rage ta? Amsata ita ce, ya danganta da irin rubutun. Akwai rubutun huce haushi, akwai kuma rubutun waiwaye. Alƙalami ɗaya ne, takarda ɗaya ce, amma aikinsu a jiki ba ɗaya ba ne.

Bari in ba ku labarin wani mutum, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Manomi ne, yana kuma koyar da yara karatu. Ya zo wurina bayan kaka, yana kukan ciwon kai da rashin barci. Na gwada jininsa, ba zazzaɓin cizon sauro. Na auna shi, jini bai hau ba. Na ce, "Malam, me ke damunka a rai?" Ya yi shiru, can ya sa hannu aljihu ya fito da wani littafi mai shafi arba'in, ya miƙo mini. Ya ce, "Likita, tun watan Agusta da ɗana ya rasu, kullum dare sai na rubuta. An ce yana rage zafi, ni kuwa ƙaruwa yake yi."

Da izninsa na buɗe. Shafi na fari ya rubuta cewa uwar yaron ce ta yi sakaci, ba ta taɓa kula da kome ba. Shafi na goma, maganar ke nan. Shafi na talatin ma haka, sai dai rubutun ya ƙara kauri, har alƙalami ya huda takarda. Ya yi kusan wata uku yana rubutu, amma ba inda ya faɗi ranar da ciwon ya fara, ko abin da aka ba yaron, ko sa'ar da aka fita da shi daga gida. Ba kome ciki sai zargi, wani dare a kan matar, wani dare a kan kansa.

To, wannan shi ne huce haushi. Kun san yadda saniya ke tuƙa, ta dawo da abin da ta haɗiye ta sake taunawa. Ita saniya tana ƙaruwa da tukarta. Amma mutum in ya dawo da ɓacin rai ɗaya kowane dare ya tauna ya mayar, ba abin da ya narke. Kowane rubutu sabon tuni ne, zuciya ta buga, barci ya gudu.

Ga alamu uku da za ku gane irin wannan rubutu. Na ɗaya, in ka karanta na yau da na makon jiya, ba ka iya rarrabe su. Na biyu, ya cika da kalmomi irin su "kullum", da "bai taɓa ba", da "duk laifinsa ne". Na uku, bayan ka rufe littafin, har gari ya waye kana nan cikin zafin da ka zauna da shi, ko ma fiye.

Kada ku ce na hana mutum faɗin abin da ke ransa. A'a. Ran da abu ya faru, zazzage ciki a takarda ya fi zazzage shi a kan iyali. Kamar maruru ne, lalle sai mugunya ta fita. Amma bayan ta fita sai a wanke, a sa magani, a ɗaure. Wanda ke matsa maruru kowace safiya, ba wanki ba ɗauri, gyambo yake nema.

Masana sun gwada wannan magana. A wani gwaji da aka buga a 1986, wani malamin jami'a a jihar Texas ta Amirka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai 46 su yi rubutu na minti 15 kowace rana har kwana huɗu a jere. Wasu ya ce su rubuta abin da ba shi da muhimmanci. Wasu ya ce su tuna wani abin baƙin ciki da ya taɓa samunsu, su rubuta labarinsa kawai. Wasu su rubuta yadda suka ji kawai. Wasu kuma su haɗa biyu, labarin da kuma yadda suka ji. Cikin wata shida da suka biyo baya, waɗanda suka haɗa biyun su ne suka fi ƙarancin zuwa asibitin makaranta. Daga baya da aka bincika irin waɗannan rubuce-rubuce, sai aka ga masu samun sauƙi su ne waɗanda kalmomi irin su "saboda" da "na gane" suke ƙaruwa cikin rubutunsu daga ranar fari zuwa ta ƙarshe.

A 2002 kuma aka buga wani gwaji da aka yi a Jami'ar Iowa, inda ɗalibai suka yi wata guda suna rubutu. Waɗanda aka ce su rubuta ɓacin ransu kaɗai sun fi sauran kukan rashin lafiya. Waɗanda aka ce su haɗa da ƙoƙarin fahimtar abin da ya faru, su ne suka fi gane darasin da ke ciki. Amfanin dai ba mai yawan gaske ba ne, ba kuma kowa ke samunsa ba, amma hanyar da ya nuna a fili take.

Mu koma ga mutumin namu. Na ce masa, "Malam, ajiye wannan littafi. Sayi sabo. Za ka yi rubutu kwana huɗu kaɗai, minti goma sha biyar zuwa ashirin, bayan la'asar, ba lokacin kwanciya ba. Kowace rana da tambayarta."

Ran fari tambayar ita ce, me ya faru? Na ce ya rubuta shi kamar yadda muke cika rajista a ɗakin magani, da rana, da sa'a, da abin da aka gani, da abin da aka yi, ba zagi ba yabo. Ga abin da ya fito. Ran Talata da dare jikin yaron ya yi zafi, shekararsa uku. Ran Laraba uwar ta aika gona ta gaya masa, shi kuma ya ba da kuɗi aka sayo maganin rage zafin jiki a kemis, zafin ya sauka, suka ɗauka an warke. Ran Alhamis yaron ya ƙi abinci, ya yi amai sau biyu. Cikin dare ya fara jijjiga. An yi ruwa mai yawa, ba a sami mai babur ba sai da asuba, kuɗin hannu ma sai da aka ranto. Sun isa asibiti ran Juma'a da hantsi, yaron ya cika da yamma.

Rana ta biyu tambayar ita ce, me na ji, a wane wuri cikin labarin? Nan ya rubuta cewa abin da ke tashe shi cikin dare ba fuskar matarsa ba ce, saƙon nan ne na ran Laraba, da bai baro gona ya zo ya duba yaron da idonsa ba. Kun ga ashe fushin da yake yi da ita, kunya ce da nadama suka sa masa riga.

Rana ta uku, me ya kawo haka, me ke hannuna, me ba ya hannuna? Na ce ya ja layi tsakiyar shafi. A gefe ɗaya ya sa ruwan sama, da nisan hanya, da ajali, wanda na Allah ne. A ɗaya gefen ya sa abu biyu. Ba a kai yaron gwajin jini tun ranar fari ba, domin su duka biyu ba su san maganin rage zafi ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ba su kuma da kuɗin ko-ta-kwana a gida. A nan ne kalmar "saboda" ta fara bayyana cikin rubutunsa.

Rana ta huɗu, me ya sa abin ya dame ni haka, me zan yi yanzu? Ya rubuta cewa yana ɗaukar kansa mai ilmi wanda ake tambaya a gari, ga shi abin da ya kamata ya sani ya wuce shi. Ya kuma tuna yana da sauran yara biyu ƙanana. Ya yanke shawara uku. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi, za a kai shi gwaji kafin kwana ɗaya ya cika. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina, za a ba da shi har na kwana uku ya cika. Za a kuma ajiye kuɗin babur a hannun uwargida, kada a taɓa. Sa'an nan ya je ya nemi gafararta.

Bayan mako uku ya dawo. Baƙin cikin ɗa yana nan, ba takardar da za ta share shi. Amma ya ce yana samun barci, ciwon kai ya ragu, ana kuma magana a gidan.

Sai in ja muku kunne a kan abu huɗu. Kada a fara waiwaye cikin kwanakin zaman makoki, a bari zafin ya ɗan lafa. A rana ta fari da ta biyu rai yakan ɓaci na ɗan lokaci bayan rubutun, wannan ba laifi, amma in ka ji abin zai fi ƙarfinka, tsaya, ka ajiye. Takardar kuma taka ce kai kaɗai, ka ɓoye ta ko ka ƙone, kada ta haddasa faɗa a gida. Na huɗu, rubutu ba ya maye gurbin asibiti. In mutum ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar kome, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kawo shi ɗakin magani a ranar, mu duba shi, in ta kama mu tura shi babban asibitin Daura.

Wanda bai iya rubutu ba, kada ya ce an bar shi baya. Ya sami amininsa mai riƙe asiri, ya ce masa, "Yi mini tambayoyin nan huɗu, ɗaya kowace rana, kada ka taya ni zagin kowa." Domin aminin da ke cewa "ai gaskiyarka" kullum, shi ma tsohon littafin nan ne mai shafi arba'in.

To jama'a, mai dayari ya buɗe nasa yau, ya karanta shafi uku na baya. In ya ga magana ɗaya ce ke ta dawowa, ya juya sabon shafi, ya rubuta kwanan wata a sama, ya fara da tambayar fari.