Zoben Da Babu Mafita: Jawabi Kan Binciken Kewayen Lantarki Mai Agogo



Abin da ya tara mu yau shi ne yadda za mu gane aikin kewayen lantarki da aka miƙo mana zanensa ba tare da an faɗa mana amfaninsa ba. Kewayen namu yana da filif-fulof guda biyu irin na D, muka sa musu suna A da B. Kowannensu yana riƙe da 0 ko 1, kuma ba ya sauya abin da ya riƙe sai agogo ya buga, sa'an nan ya ɗauki abin da ya tarar a mashigarsa ta D. Akwai waya ɗaya mai shigowa, x, da ɗaya mai fita, y. Da muka bi wayoyin baya daga kowace mashiga, ga abin da muka samu:

```
DA = x'A + xB
DB = x'B + x(AB + A'B')
y  = xA
```

Ɗan wakafin da ke bisa harafi yana nufin kishiyarsa, alamar tarawa tana nufin "ko", haruffan da ke manne kuwa "da".

Filif-fulof biyu suna ba da hali huɗu, watau 00, 01, 10 da 11. Kowane hali yana iya gamuwa da x tana 0 ko tana 1, saboda haka jadawalinmu layi takwas ne. A+ da B+ su ne abin da za a riƙe bayan bugun agogo.

```
A B x | A+ B+ | y
0 0 0 | 0  0  | 0
0 0 1 | 0  1  | 0
0 1 0 | 0  1  | 0
0 1 1 | 1  0  | 0
1 0 0 | 1  0  | 0
1 0 1 | 0  0  | 1
1 1 0 | 1  1  | 0
1 1 1 | 1  1  | 1
```

Mu tsaya a layi na huɗu, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. A tana 0, B tana 1, x tana 1. DA ta zama 1 saboda xB. Sai mai gaggawa ya ɗauki wannan sabon 1 na A ya zuba cikin lissafin DB, ya ga AB ta ba da 1, ya rubuta 11. Kuskure ne. Agogo ɗaya ke bugun su biyun a lokaci guda, don haka B ba ta ga sabuwar A ba tukuna. Da tsohuwar A za a yi lissafi, amsar kuwa 10 ce.

Yanzu sai zanen hali. Mu zana zobe huɗu, hali ɗaya cikin kowanne, kana mu mai da kowane layi na jadawalin kibiya, mu rubuta x/y a jikinta. A jikin kibiya muke rubuta y domin ta dogara da x, ba da hali kaɗai ba. Irin wannan tsari ake jingina wa George Mealy, wanda ya bayyana shi a 1955. Lalle kibiya biyu su fita daga kowane zobe, takwas ke nan. In an ƙirga bakwai, an tsallake layi.

Da zanen ya kammala sai aikin kewayen ya fito fili. Muddin x tana 0, kowace kibiya komawa take zoben da ta fito, watau yana jira. In x tana 1, sai ya tashi daga 00 zuwa 01, zuwa 10, ya komo 00, kuma a mataki na ƙarshen nan ne y take zama 1. Ashe ƙirga uku-uku yake yi.

To, amma fa ku dubi zoben 11. Babu kibiyar da ta shigo shi daga waje, kuma nasa biyun duk kansa suke komawa. Wani zai ce ina ruwanmu da ɗakin da ba a shiga? Ai filif-fulof ba ya tambayar jadawali sa'ad da aka kunna wuta. In ba a tanadi wayar da za ta mai da su 00 ba, suna iya farkawa a kowane hali. Ranar da wuta ta ɗauke ta dawo suka farka a 11, ƙirga ta tsaya ke nan. Alamarsa a ɗakin gwaji ita ce a ga y tana bin x sawu da ƙafa, agogo na ta bugu amma A da B ba sa motsi. Mai gwaji zai yi ta canza kayan da lafiyarsu lau, alhali ciwon yana cikin tsarin.

Maganin yana cikin DB. A cire AB, ta zama x'B + xA'B'. Layi na takwas kaɗai wannan zai taɓa: 11 in ta gamu da x tana 1 sai ta faɗa 10, daga nan ta shiga layin ƙirga. Muna roƙon kowa ya sake cika sauran layuka bakwai da hannunsa kafin zama na gaba, ya tabbatar babu wanda ya sauya.