Abin da hoton kwali zai iya faɗa, da abin da ba zai iya ba

A yau ciniki da yawa a Arewa ta waya ake fara shi. Mai shago a nan Matankari ya kira dillalinsa a Dogon Dutsi ko Kamba, ya ce a turo masa hoton kaya, ya duba, ya aika kuɗi. Haka ake sayen maganin zazzaɓi, da maganin feshin wake, da baƙin man babur. Tun da hoto ya zama shaidar da ake yanke hukunci a kanta, ya kamata mu san iyakar ƙarfinsa. Maganata guda ɗaya ce: hoto yana iya kama jabu, amma ba ya iya wanke kaya. Kuma wurin da yake kamawa ba shi ne wurin da ido ke fara sauka ba. Ido yana zuwa kan launi da kyawun bugu, alhali shaida mai ƙarfi tana cikin abubuwan da masana'anta ke ɗorawa a ƙarshe, wato lambar rukuni, da kwanan wata, da hatimin murfi.

Ƙasarmu ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A annobar sanƙarau ta 1995, Nijar ta karɓi kyautar allurar rigakafi guda 88,000 daga Najeriya, ɗauke da sunayen kamfanonin Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Ma'aikatan MSF ne suka lura garin maganin ba ya narkewa yadda aka saba. Da aka tuntuɓi Pasteur Mérieux, sai ya ce lambobin rukuni da ranakun ƙarewar da ke jikin kwalaben ba su dace da littafinsa ba, gwaji kuma ya nuna babu sinadarin rigakafin a ciki. Kafin a tsayar da aikin, an riga an yi wa mutane kusan 60,000 allurar. Bayan shekara ashirin, a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau a Nijar, mai ɗauke da sunan Mencevax. Wannan karon lambar rukunin da ke kan ɗaya daga cikinsu ta gaske ce, kamfanin ya taɓa yin rukuni mai wannan lamba, amma na gasken wa'adinsa ya ƙare tun 2011, an dai ɗauki tsohuwar lamba aka haɗa ta da sababbin ranaku. A 2017 kuma aka samu wata allurar da ke iƙirarin fitowa daga Bio-Manguinhos na ƙasar Brazil. Kamfanin ya duba hotunan kwalin, ya ce ba ya ma yin irin wannan allurar. Ku lura, a duka ukun rubutun da ke jikin kayan ne ya yanke magana, bayan an gwada shi da abin da mai kayan ya sani.

Dalilin haka yana cikin yadda ake haɗa kaya a masana'anta. Kwali da takardar jikin kwalba ana buga su dubbai a maɗaba'a, tun kafin a haɗa maganin da zai shiga ciki. Saboda haka zanen, da sunan kamfani, da bayanin amfani, duka iri ɗaya ne a kowane rukuni. Lambar rukuni da ranaku kuwa, waɗanda za ku gani bayan LOT ko Batch, da MFG ko FAB, da EXP ko PER, sai a ranar zuba maganin wata na'ura daban take ɗora su. Shi ya sa a yawancin kayan gaske sukan fito da wata kama ta daban: ɗige-ɗigen tawada baƙa, ko ƙunar haske, ko tambarin da ya lotsa cikin kwalin. Idan a hoto ka ga lambar rukuni da harafi iri ɗaya da sauran zanen, sumul, launi ɗaya, to akwai yiwuwar wani ya ɗauki kwali guda na gaske ya kwafe shi gaba ɗaya, har da lambarsa. Idan ka ga an manna ƴar takarda a kan wurin kwanan wata, ko wurin ya yi haske ya ƙoƙe fiye da kewayensa, to an goge tsohuwar rana. Sannan lambar da ke kan kwali dole ta zama ita ce a kan katin ƙwayoyin ko kwalbar da ke ciki. Mai jabu yakan sayi kwali a wuri ɗaya, kati a wani wuri, kuma nan yake tuntuɓe. Banda guda ɗaya: ruwan da ake narkar da garin allura da shi yana iya zuwa da tasa lambar, wannan ba laifi ba ne.

Game da kyawun bugu kuwa, shaida ce, amma mai rauni, kuma hoto yana ƙara mata rauni. WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, ƙananan haruffa su dagule, sai a ɗora wa kwali laifin waya. Hasken fitila yana sauya launi, kore ya koma shuɗi-shuɗi. Hanyar rabewa ita ce a dubi wani abu da ke nisa ɗaya da kwalin a cikin hoton, misali yatsan mai riƙe da shi. Idan zanen fatar yatsa ya fito tsaf amma rubutun ya yi dishi-dishi, matsalar ta bugu ce. Idan duka biyun sun dagule, hoton ne bai yi ba, a sake ɗauka da hasken rana, a aiko shi a matsayin Document don kada a matse shi. A hoto mai kyau da aka faɗaɗa, ƙaramin rubutu baƙi na kwalin gaske yana da baki mai kaifi, don da tawada ɗaya aka buga shi. Na kwafi yakan fito da inuwar ja ko shuɗi a gefen haruffa, domin na'urar kwafi da launuka huɗu take haɗa baƙin, kuma ba su cika sauka daidai kan juna ba.

Yanzu ga inda bugu ba ya da amfani ko kaɗan. Mu ɗauki kwalbar maganin feshi ta lita ɗaya da aka turo wa manomin wake hotonta. Launi daidai, rubutu tsaf, lambar rukuni da ɗige-ɗigenta. Duk wannan gaskiya ne, domin kwalbar ta gaske ce. An yi amfani da abin da ke ciki, wani ya sayi fankon, ya zuba abin da ya ga dama, mai yiwuwa maganin da aka tsinka da kananzir. A nan sai a bar takarda a koma wuyan kwalba. Murfin roba yana da zobe a ƙasansa, haɗe da shi ta ƴan ƙananan haƙora da ke tsinkewa a buɗewar farko. A kwalbar da ba a taɓa ba, haƙoran a jere suke, tazara ɗaya, launi ɗaya. A wadda aka sake cikawa, ko dai zoben ya sauka ya bar rata, ko ya karkace, ko ka ga ƙyallin gam, ko tabon narkewa inda aka liƙe shi da ƙarfe mai zafi. A ƙarƙashin murfi akwai farantin gwangwani mai laushi da na'ura ke mannewa da zafi, ya kwanta lif a bakin kwalbar ko'ina. Wanda aka mayar da hannu yakan yi tattara, gefensa ya ɗaga. Sai kuma shekarun abubuwa: takardar da ta koɗe, gefenta ya sha mai, amma murfi sabo fil, tamkar sabuwar hula a kan tsohuwar riga. Idan kwalabe da yawa ne a jere kuma ana hango ruwan, na masana'anta tsayinsa ɗaya ne, na hannu wannan ya ɗara wancan. Haka ake duba galan ɗin baƙin mai. A kwalbar allura kuma, bakin ƙarfen da ya danne robar ya zama a naɗe sumul, ba lanƙwasar filaya, robar kuma ba huda.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, kuma yana da gaskiya rabi. Kayan da suka bi hanyar ƙasa a bayan babur, suka yini a rana a kasuwa, dole su koɗe su yi ƙura, ko da na gaske ne. Haka ne, shi ya sa koɗewa ita kaɗai ba hujja ba ce. Amma rana tana cin komai tare: takarda, da murfi, da gefen da ya fuskance ta. Abin zargi shi ne rashin daidaito, wani sashe tsoho wani sabo. Zai kuma ce kamfanoni suna sauya zane, kuma akwai kayan gaske daga Indiya ko Sin da Faransancinsu ke da kurakurai. Wannan ma haka ne. Kuskure a bayanin amfani yana iya zama sakacin mai fassara. Kuskure a sunan maganin kansa, ko sunan kamfanin, ko adadin miligiram ɗin da ya bambanta tsakanin gaban kwali da gefensa, wannan ba sakacin da masana'anta mai rajista ke bari ya fita ba ne.

Ƙalubalen da ya fi nauyi daga ɗaya ɓangaren yake. Wani zai ce: mai jabu na yau yana da maɗaba'a, yana sayen sababbin murafu da na'urar manna hatimi, yana buga lambar NAFDAC ko ta hukumar magungunan ƙwari ta Sahel, wato CSP, yadda ya so. To mene ne amfanin duban? Na yarda cewa lambar rajista a hoto ba ta tabbatar da komai, don kowa na iya kwafe ta. Amfaninta sai an gwada ta da jerin hukumar, a ga ko lambar ta wannan suna ce, da wannan kamfani, da wannan ƙarfin magani. Haka lambar kankarewa da NAFDAC ta fara amfani da ita a 2010, wadda ake aikawa ta saƙon waya: idan hoto ya nuna an riga an kankare ta, magana ta ƙare, amma idan tana rufe, ba ka san komai ba tukuna. Wannan ƙalubale bai rushe maganata ba, shi ne ma rabinta. Hoton da ya nuna aibi ya isa a fasa ciniki. Hoton da bai nuna aibi ba yana nufin kawai ba a ga aibi ba, kuma ba ya nuna ko kwalbar da aka ɗauka ita za a ɗora a mota.

Saboda haka mai saye kada ya karɓi hoton gaban kwali, wanda shi ne dillali ya fi son turowa. Ya nemi gefen da lambar rukuni da ranaku suke, tare da katin ciki an ajiye shi kusa da kwalin a hoto guda, ya nemi wuyan kwalba daga kusa, ya kuma rubuta lambar rukunin a littafinsa. Ranar da kaya suka iso Matankari, kafin a sauke su a kanta, a gwada lambar da ke jikinsu da wadda aka rubuta. Idan magani ne na mutane kuma lambobin sun saɓa, a ware shi gefe, kada a mayar wa dillali ya kai wani ƙauye, a kai hoton da kwali guda ga mai kula da magunguna a asibitin gundumar Dogon Dutsi, domin ta hannun hukumar lafiya ne tambaya ke isa ga kamfanin da littafin rukunin yake hannunsa.