Buhu dubu a sito, amma nawa banki yake gani?

Wannan shi ne rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Duk taron matasa da na je, kukan ɗaya ne: ba mu da fili, ba mu da takardar gida, don haka banki ba ya kallonmu. To tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta ba da damar a jinginar da dukiyar da ake iya ɗauka, kamar injin, dabbobi ko hajar kasuwa, kuma akwai rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki inda ake rubuta irin wannan. Ni kaina na sha faɗar haka a taro ana tafi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda banki yake kallon kayan, sai da na raka wani yayana da ke harkar hatsi a Dawanau. Na ɗan daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi.

Da kaka ya sayi masara buhu 1,000, kowane buhu naira 50,000. Lokacin da ya je banki farashi ya kai 55,000. A ransa yana da kayan miliyan 55, yana sa ran ko ba komai za a ba shi miliyan 40 ya ƙara sari.

Ba su fara da zancen kuɗi ba. Mai duba kaya suka turo. Ya nemi rasit ɗin saye, don a tabbatar kayan nasa ne, ba na wani aka ajiye masa ba, kuma ba bashi ya ɗauko su ba. Sannan aka shiga ƙirga. Aka ɗora wasu buhunan a sikeli, aka soki wasu aka ɗebi samfuri, aka auna danshi. Masarar da za ta daɗe a ajiye ana son danshinta kada ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, in ya haura haka fumfuna da ƙwari ne za su biyo baya. Buhu 100 suka faɗi jarrabawa: wasu na jikin bango sun sha laima, wasu ƙwari sun fara shiga, wasu awonsu bai cika ba. Ba rage musu kuɗi aka yi ba fa, cire su aka yi daga lissafi gaba ɗaya. Saura 900.

Sai farashi. Nan ne yayana ya fara gumi. Ƙa'idar masu ba da rance ita ce su ɗauki wanda ya fi ƙasa tsakanin kuɗin da ka saya da farashin kasuwa na yau. Wato ribar da kake hange ba ruwansu da ita, tunda ba ka sayar ba tukuna. Buhu 900 sau 50,000, miliyan 45 ke nan. A kan wannan suka ce za su ba da kashi 60 cikin ɗari. Miliyan 27.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sauran kashi 40 ɗin fa?" Jami'in ya ce masa, "Alhaji, ni ba ranar da kasuwa ta yi kyau nake lissafawa ba. Ranar da za mu sayar da kayan nan dole, cikin gaggawa, kowa ya san a matse muke, ita nake lissafawa." A lokacin na ji haushi, amma da na zauna na ga gaskiyarsa. A cikin wannan ratar ne faɗuwar farashi za ta shiga, da kuɗin dako, da ladan dillali, da abin da ƙwari za su ci kafin a gama shari'a. Shi ya sa masara ta fi atamfa samun kaso mai kyau. Masara tana da farashin da kowa ya sani, masu saye kuma ba sa yankewa. Atamfa kuwa in yayinta ya wuce, sai dai a karyar.

Bayan an ba da kuɗi, sito ya daina zama naka kai kaɗai. An sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun kamfanin da banki ya ɗauka ya kula da kayan. An jera buhunan yadda za a iya ƙirga su daga waje, kowane tari da katinsa. In yana son fitar da buhu 100, sai ya fara biyan kason bashin da ke kansu. Miliyan 27 a raba wa buhu 900, kowane buhu yana ɗauke da 30,000, don haka miliyan 3 zai kai kafin a ba da takardar buɗe ƙofa. Mai saye yana tsaye da mota, kai kana jiran sa hannu.

Kuma suna zuwa ba sanarwa. Sukan sa a rushe tari ɗaya a duba cikinsa, saboda an sha samun masu jera buhuna a gefe su bar tsakiya fanko, ko su cusa buhunan dusa a ciki. Sukan duba rajista su ga ko ka jinginar da kayan nan a wani wuri. Kuɗin inshora, feshin magani da ladan masu kula da kayan duk a wuyanka suke, ban da abin da banki zai ɗora. Ko bankin da ba ya harkar kuɗin ruwa ka je, jingina da sa ido suna nan, tsarin cinikin ne ya bambanta.

To ga inda nake so ku natsu. Kullum tunaninmu shi ne hatsi zai tashi kafin damina. Ba kowace shekara ba, duk wanda ya riƙe hatsi a 2025 zai ba ku labari. Farashi ya sauko zuwa 40,000. Banki ya sake lissafi: 900 sau 40,000, miliyan 36. Kashi 60 nata miliyan 21.6 ne, shi kuma ana bin sa 27. Giɓin miliyan 5.4. Aka ba shi kwanaki ya cike, ko da kuɗi ko da ƙarin kaya. In da kaya ne, kowane buhu yanzu 24,000 kawai yake rufewa, wato sai ya kawo buhu 225. Ku lura, bai saɓa biya ko sau ɗaya ba. Wannan sharaɗin yana cikin takardar da ya sa wa hannu, bai dai karanta shi da kyau ba. Ni ma da na raka shi da digirina ban tsaya a kansa ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, kuɗin da ya ranta masara ya ƙara saye da su, ita ma ta faɗi tare da ta farko. Sai da ya sayar da wani ɓangarenta a kan asara ya cike giɓin, don kada banki ya sayar da ta cikin sito a farashin da ya samu.

Don haka in za ka je, riƙe tambayoyin nan. Farashin wace kasuwa za a riƙa bi, kuma duk bayan kwana nawa ake sake lissafi? In giɓi ya fito, kwana nawa gare ni? In kaya suka lalace alhali makulli yana hannun mutanenku, wa zai ɗauki asarar? Sannan kai da kanka ka ɗauki biro, ka rage kashi 20 daga farashin yau, ka ga giɓin nawa ne, ka tambayi kanka daga ina za ka samo shi cikin mako guda.

Masu shago a Kantin Kwari sun tambaya yadda abin yake ga kayan da kullum suke shiga suna fita, waɗanda ba a iya kulle su. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.